Motar Shara a Cikin Birnin Kano: Nazarin Tsara Hanya Inda Tifa Ba Ta Shiga Lungu

An gina cikin birnin Kano don mai tafiya a ƙasa da jaki. Tun zamanin Sarki Gijimasu da aka fara ganuwa, zuwa zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) wanda ya faɗaɗa ta kuma ya kafa kasuwar Kurmi, gida ne ke fara zama, sannan hanya ta bi ta inda aka bar mata. Shi ya sa a unguwanni irin su Yakasai da Koki da Sharifai da Alfindiki za ka bi lungu mai faɗin da zai ɗauki mutum huɗu kafaɗa da kafaɗa, kafin ka yi taku hamsin ya matse har sai mai baro ya tsaya ka wuce. Motar kwasar shara kuwa faɗinta ya kai mita biyu da rabi, in aka haɗa da madubai tana neman mita uku. Hukumar REMASAB, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2003 don kwashe shara, da duk wani kamfani da aka ba kwangilar wani yanki na cikin badala, da wannan matsalar suke kwana suke tashi.

Wannan nazari ya ɗauki yanki guda na cikin birni ya bi lissafinsa daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman yankin na misali ne, na zaɓe su daidai da abin da ake iya samu a irin wannan wuri domin mai karatu ya ga yadda lissafin ke tafiya, ya kuma iya zuba nasa alƙaluman a gurbinsu.

Awon hanya kafin zana hanya

Taswirar waya ba ta isa ba. Taswirar OpenStreetMap tana da gurbin rubuta faɗin hanya, wato `width`, amma a lungunan tsofaffin birane da wuya ka tarar an cike shi, hoton tauraron ɗan adam kuma rufin kwano yake nuna maka, ba ya nuna dakalin da mai gida ya fitar a ƙofarsa. Dole mutum biyu su shiga da tef ɗin awo su bi hanyoyin da ƙafa.

Abin da ake aunawa shi ne wurin da hanya ta fi matsewa. Layi mai faɗin mita biyar daga farko har ƙarshe, in akwai turken wutar lantarki guda da ya rage shi zuwa mita biyu da rabi a tsakiya, to layin mita biyu da rabi ne. Ana kuma duba sama, domin wayoyin wuta da ake jawowa daga turke zuwa gida sukan sauko ƙasa, ga rumfunan shaguna da indararo. Ana duba ƙasa, kuma nan ne aka fi yin asara: murfin kwata na siminti da aka yi don mutane da babura ba zai ɗauki tifa mai kaya ba, haka ramin masai da wasu gidaje ke haƙawa a wajen katanga su rufe shi da sulab. Motar da ta shiga fayau ba kaya tana iya ruftawa a hanyar fitowa. Abu na ƙarshe shi ne kwana. Tifa mai taya shida tana buƙatar fili mai yawa kafin ta juya, saboda haka layi mai faɗi wanda bakinsa ya yi kwana mai kaifi tsakanin katangu biyu, shi ma a rufe yake gare ta.

In an gama, hanyoyin yankin sukan kasu uku. Akwai waɗanda tifa za ta bi ta ɓulle ba tare da ta yi ribas ba, kuma ina ganin kada a sa hanya a wannan rukuni sai ta kai mita uku da rabi a matsewarta. Akwai waɗanda babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya zai bi, su kuma mita biyu ta ishe su. Sauran na baro ne da kura. A cikin birni rukuni na uku ya fi yawa nesa ba kusa ba, na farko kuwa bai wuce manyan titunan da suka shigo ta ƙofofi ba, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Wambai, da 'yan rassan da ke fita daga cikinsu.

Daga nan ne tsarin ke rabuwa gida biyu. Mota ba za ta je gida ba, sharar ce za ta fito ta tarar da mota a bolar da ke bakin hanya. Don haka mai tsara hanya yana da aiki biyu: na masu baro a cikin lungu, da na mota tsakanin bola da juji.

Yankin da aka ɗauka

Mu ɗauka yankin yana da mutum 12,000, kowa yana fitar da rabin kilo na shara a rana, wanda shi ne ƙiyasin da aka saba farawa da shi a biranen Afirka kafin a yi awo na gaskiya. Tan shida ke nan kullum. Amma mota da cika take ƙoshi kafin nauyi, don haka sai an mayar da tan zuwa girma. Sharar cikin birni mai nauyi ce, domin ban da leda da ɓawo akwai ƙasar tsakar gida da ake sharewa safe da yamma, da toka, da kashin awaki. In muka ce kowace mita kubik tana da kilo 400, tan shida ta zama mita kubik 15 a rana.

Wannan nauyin ne ya sa ba na sha'awar mota mai matse shara a irin wannan yanki. An ƙera ta don sharar kwali da roba mai iska a ciki. Ƙasa da toka ba sa matsuwa, sai dai su cinye mata ƙarafa, ga ta da tsawo, ga tsadar gyara. Tifa ta gari mai ɗaukar mita kubik takwas, wadda kowane bakanike ya san cikinta, ita muka sa a lissafin.

Yankin yana da bola shida a bakin hanyoyin da tifa ke bi. Ga abin da kowacce ke tarawa cikin kwana biyu, a ma'aunin mita kubik: bolar bayan kasuwa 8, ta bakin ƙofa 6, ta bakin kududdufi 5, ta gefen makaranta 4, ta bakin famfo 4, ta wajen injin niƙa 3. Jimla 30. Juji yana da nisan kilomita 11 daga yankin.

Aikin masu baro ba shi da wuyar lissafi. Baro da aka cika ya yi tozo yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na mita kubik, ke nan ana buƙatar baro 150 a rana. In zuwa da dawowa da lodi na cin minti 15, mutum guda zai yi sawu 24 cikin awa shida, sai a ce mutum shida zuwa bakwai. Abin kula shi ne nisa. In gida ya fi mita 300 daga bola, sawun na raguwa, kuma yaran da ake aika zubar da shara ba sa kaiwa. Kwata ko kangon da ke kusa ne zai karɓa.

Wajen raba musu lunguna akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ta samo asali daga Euler, wanda a 1736 ya yi nazarin gadoji bakwai na birnin Königsberg. Ma'anarta a nan ita ce, duk mahaɗar da lunguna uku ko biyar suka haɗu, da duk lungun da ba ya ɓullewa, za su tilasta wa mutum ya maimaita wani sashe na hanya. Ba a iya kauce wa maimaicin, zaɓi kawai ake yi: a sa shi ya faɗa a guntun lungu, kuma lokacin da baro yake wofi. Lungun da ba ya ɓullewa a shiga shi da baro fanko har ƙarshensa, a fara ɗiba daga can ana fitowa.

Sawu biyar ko huɗu

Wanda ya zauna da taswira, abin da idonsa zai fara gani shi ne bolar makaranta da ta injin niƙa maƙwabta ne, mita 400 kacal a tsakani. Zai haɗa su a sawu ɗaya, 4 da 3 sun zama 7, mota ta kusa cika. Ba ido kaɗai ke yin haka ba. Sanannen salon lissafin da Clarke da Wright suka fitar a 1964, wanda har yau manhajojin tsara hanya da yawa ke farawa da shi, yana auna ribar haɗa wurare biyu a sawu ɗaya kamar haka:

```
s(i,j) = d(0,i) + d(0,j) - d(i,j)
```

Wato nisan juji zuwa wuri na farko, a haɗa da nisan juji zuwa na biyu, a cire nisan da ke tsakaninsu. Makaranta da inji sun ba da 21.6, wanda ya fi kowane haɗi, saboda haka shi salon zai fara ɗauka.

Duba abin da ya rage bayan haka. Kasuwa 8 ce, sawunta daban. Kududdufi da famfo 9, mota ba ta ɗauka. Ƙofa 6 ce, ko wace ka ƙara mata ta haura takwas. An tashi da sawu biyar, huɗu daga ciki mota na zuwa juji ba ta cika ba, tafiyar duka kusan kilomita 110.

Yanzu a rabu da maƙwabtakar. A haɗa kududdufi da inji, 5 da 3, ko da yake kilomita ɗaya ke tsakaninsu. A haɗa makaranta da famfo, 4 da 4, tsakaninsu kilomita 1.2. Kasuwa ita kaɗai, ƙofa ita kaɗai. Sawu huɗu, kilomita 90 da 'yan kai. An ƙara tafiyar da ba ta kai kilomita biyu ba a cikin unguwa, an soke zuwa juji da dawowa guda sukutum. Dalilin a fili yake: tunda bolar duk suna kusa da juna kuma juji na nesa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wace bola da wace ce za su cika mota daidai. Gajarta hanya a cikin unguwa yana biyo baya.

Wani zai ce ai ana iya ɗebe rabin bola a cike mota, a dawo wa sauran. Ana iya yi, kuma za mu ga ranar da ya zama dole. Amma ba a gina tsarin kullum a kansa, domin ragowar da aka ce za a dawo mata ita ce mota ta fi yawan fasawa in rana ta yi.

Agogo

Kilomita ba ita ce ke ƙare wa mota rana ba. Mu ce leburori biyar da shebur suna cika tifa cikin awa ɗaya. Da sassafe tafiya juji minti 25 ce, in gari ya waye adaidaita sahu ta cika titi sai ta koma minti 50. Juyewa da jiran layi a juji minti 15. Sawun farko zai ci minti 125, kowane sawu bayansa minti 175. Sawu huɗu a rana ɗaya minti 650 ke nan, kusan awa goma sha ɗaya, abin da ba direba ko lebura da zai jure kullum.

Maganin shi ne a raba bolar rukuni biyu, mota ɗaya tana yin sawu biyu a rana. Litinin da Laraba da Juma'a na kasuwa da kududdufi da inji ne. Talata da Alhamis da Asabar na ƙofa da famfo da makaranta.

Jerin cikin rana kuma ba nisa ke yanke shi ba, rayuwar unguwa ce. Bolar kasuwa dole ta zama ta farko. Ƙarfe shida mota ta tsaya, ƙarfe bakwai ta cika ta fita, kafin masu tebur da 'yan tireda su baza kaya a gefen titi. Titin da aka auna mita huɗu da asuba, ƙarfe tara bai fi biyu ba. Mota za ta dawo wajen takwas da 'yan mintoci ta ɗebi kududdufi, ta ƙarasa da inji, domin inji ne ya fi kusa da hanyar fita. Ana so mota ta yi yawon cikin unguwa tana da sauƙi, ta cika a bakin titi. Kafin sha ɗaya da rabi an gama, wanda ya dace da ranar Juma'a, lokacin da sahun sallah ke fitowa kan titi kuma hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci da gidan Sarki ke cushewa tun kafin azahar.

A ɗaya rukunin, ƙofa ce farko. Sawu na biyu ya fara da famfo, don mota ta iso makaranta bayan takwas da rabi, yara sun shiga aji. Tifa da ɗaruruwan yara a layi ɗaya ba abin da za a bar wa sa'a ba ne. Saboda wannan dalilin ne ma ake ƙin ribas: direban tifa ba ya ganin abin da ke bayansa, yaran unguwa kuma suna son bin mota. In akwai bolar da ba a isa gare ta sai da ribas, gara a matsar da bolar. In ba hali, yaron mota ya sauka ya tsaya inda direba ke hango shi a madubi, kuma a shiga da baya tun mota na fanko, a fito da gaba. Tunda a dama ake tuƙi a Nijeriya, a juya zagayen ta yadda yawancin kwanar za su zama na dama, kuma bola ta faɗo a hannun dama, kada leburori su riƙa tsallaka titi da kaya.

Akwai giɓin da jadawalin kwana biyu-biyu ke ɓoyewa. Mako kwana bakwai ne, ranakun aiki shida. Bolar da aka kwashe Juma'a sai Litinin, kwana uku ke nan, haka ta Asabar sai Talata. Ranar Litinin kasuwa za ta tashi daga 8 zuwa 12, kududdufi 7 da rabi, inji 4 da rabi, jimla 24, sawu uku cif, minti 475, kusan awa takwas. Talata 21 ce, ita ma sawu uku. A waɗannan ranaku biyu ne ake raba bola tsakanin sawu biyu, kuma dole man fetur ko gas da kuɗin leburori na Litinin da Talata su bambanta da na sauran ranaku. In aka ba direba man sawu biyu ranar Litinin, mita kubik takwas za ta kwana a ƙasa, ranar Laraba ta tarar da sabuwa, kafin wata ya ƙare bolar ta cinye rabin titi, kuma kowa zai ce mota ce ba ta zuwa alhali kullum tana zuwa.

Wani ɓarnar lokacin yana wajen leburori. In suka bi mota juji, kusan awa biyu suna zaune a kan kaya ba aikin komai. Gara su sauka a bola ta gaba su tattara ta wuri ɗaya, su ware duwatsu da ɓaraguzan gini, su jawo wadda ta zube cikin kwata. Inda akwai fili, babban kwandon ƙarfe da mota ke ɗauka ta ajiye wani yana mayar da lodin awa ɗaya zuwa kamar minti goma, amma yana buƙatar wurin da mota za ta daidaita ta ja baya, wanda bola kaɗan ce a cikin birni ke da shi. Motar lodi mai shebur ita ma tana da sauri, sai dai in ƙasan bolar ba siminti ba ne, kowane zuwa tana ƙwaƙule ƙasa, bola ta zama rami, damina ta mayar da shi tafki.

Abin da ke sauya lissafin

Da damina shara na shan ruwa. Mita kubik takwas da ke da nauyin tan uku da ɗoriya a rani tana iya ƙaruwa sosai, hanyar cikin juji kuma ta yi laka, minti 15 ɗin juyewa ya zama awa in mota ta kafe. Hanyar bolar kududdufi takan fita daga rukunin tifa gaba ɗaya na wasu makonni, sai babur mai ƙafa uku ya riƙa fito da sharar zuwa bolar inji. Lokacin rake da na mangwaro bolar kasuwa na kumbura, haka kwanakin Babbar Sallah. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, mutane na yashe kwatoci su tara a bakin titi, kuma wannan yashin jiƙaƙƙe ne mai nauyi; in ba a ware masa sawu na daban ba, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Rumfar biki ko zaman makoki kuwa ba ta cikin kalandar kowa, shi ya sa ake so direba ya riƙe lambar mai unguwa ko wani dattijo na kowane layi, kuma kowace bola tana da hanya ta biyu a rubuce in akwai.

Rani na zuwa da wata dama da ta daɗe a Kano. Manoman kewayen birni sun jima suna ɗibar sharar gari a matsayin taki, da mangala a kan jaki a da, yanzu har da tifa. In gona ta fi juji kusa, sawun ya gajarta. Abin da ya kamata shi ne a shigar da wannan cikin tsari, a san wace bola ce sharar ta ta dace da gona, wato mai yawan toka da kashin dabbobi, wace ce kuma leda da fasassun kwalabe ko kayan asibiti suka hana. In aka bar shi ya zama ciniki tsakanin direba da manomi, mota za ta riƙa bin bolar da ke da kasuwa tana tsallake sauran.

Gane ko tsarin na aiki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Takarda ɗaya a hannun yaron mota ta isa: lokacin isa kowace bola, lokacin tashi, cikar mota a juji, ko rabi ko cike. Tsohuwar waya mai GPS a gaban mota za ta nuna hanyar da aka bi da inda aka daɗe. Bayan mako biyu a kwatanta da lissafin. In lodi na cin minti 90 maimakon 60, ko dai sharar ta fi ƙiyasi ko bolar ta bazu. In mota na isa juji da rabi a kai a kai, haɗin bolar ne bai yi ba. In bola ba ta cika kamar yadda aka zata, amma ga sabon tsibi ya ɓullo a wani kango ko leda ta toshe kwata a tsakiyar unguwa, to bolar ta yi wa mutanen wajen nisa, kuma gyaran yana wajen masu baro: a ƙara musu mutum, ko a sa babur mai ƙafa uku ya riƙa tsayawa a bakin wannan lungun ƙarfe bakwai na safe, ya kai abin da ya tara bolar famfo kafin mota ta iso.